Hannu biyu a wasa guda, ta ina zan fara gyara?

Rabi, Tawa: Salamu alaikum. Muna da wasan rediyo kashi 12 kan ɗan ci-rani da ya tafi Abijan ya bar wa matarsa Hadiza bashi. Wani dattijonmu ya rubuta 1 zuwa 6, rashin lafiya ta kwantar da shi, wani saurayi ya ƙarasa. Ni aka ba in haɗa. Bashin jika hamsin ne a kashi 2, a kashi 9 ya koma dubu goma, kuma Hadiza ta 7 kamar ba ita ce ta 6 ba. Ta ina zan kama?

Salisu: Yaya Rabi, ki buɗe shi a kwamfuta, ki danna Ctrl+H, duk inda aka ce dubu goma ki mai da shi jika hamsin. Minti biyar kin gama.

Malam Habu, Yamai: Dakata, Salisu. Rabi ɗiyata, tambayi yaron tukuna da me ya ƙirga. In da dala ne, dala dubu goma ai ita ce jika hamsin, babu kuskure ko kaɗan. Sai dai ki duba bakin wa ta fito. Tsohon ɗan kasuwa zai iya lissafi da dala, amma in Hadiza ta ce jika a 2, ta tsaya kan jika har ƙarshe, don mai saurare ba ya da takardar da zai koma ya duba.

Kar ki taɓa salon magana yanzu. In kika gyara kalamai, daga baya kika gano fitowar duka za a jefar, kin yi aikin banza. Samu kaye, kowane kashi shafi guda. Ki rubuta wane lokaci ne na shekara, nawa ya rage na bashin, sannan abin da ya fi kowanne ɓarna: wa ya san me, kuma a wace fitowa ya ji.

Na taɓa haɗa wani wasa da uwar miji ta ji labarin an jinginar da gona a kashi 4, tana laɓe bayan zana. Marubuci na biyu ya karanta a gurguje, ya sa ta a kashi 8 tana salati da tafa hannu kamar ranar ta fara ji. Mafita biyu ce: a cire laɓewar ta 4, ko a bar ta a mai da salatin na 8 makirci. Mun ɗauki ta biyu, muka ƙara layi ɗaya inda take ce wa ɗiyarta a hankali, "Bar su, na daɗe da sani." Tsohuwar ma ta fi armashi a haka.

Ki lura da lokaci kuma. In mijin ya tafi bayan kaka, aka ce ya yi wata uku, to ana cikin sanyi ko farkon zafi, kar a sa ƙarar ruwan sama ranar dawowarsa.

Rabi: Baba, ka taɓo wurin. Akwai tsawa a kashi 10! Hadiza fa? A farko "maigida" ko "shi" take cewa, daga 7 sai "Sani" gatsau.

Malam Habu: Nemo fitowar da Hadiza ta fi zama Hadiza, ko ta wane marubuci ce, ta zama ma'auninki. Rubuta yadda take kiran kowa, rantsuwarta, ko doguwar magana gare ta ko gajera, da abin da ba za ta taɓa faɗi ba. Sai ki bi layukanta ita kaɗai daga 1 zuwa 12, ki gama, kana ki ɗauki wani. Sunan mijin kuwa, ni da zan goge shi ko'ina, in bar shi wuri guda, ranar da ta gano ƙaryarsa. In kin gama, ki tara ƴan wasa su karanta 6 da 7 a jere da ƙarfi, ki sa wanda bai san rubutun ba ya saurara. Inda ya ɗaga kai, nan ɗinkin ya fito.

Zeinabu: Ni duk ki mai da su Hausar Adar, tunda Tawa za a saurara. "Ya tahi", "mishi", shi ke nan murya ta zama ɗaya.

Malam Habu: Hajiya, ga mutanen garin na yarda. Amma Sani da ya sha zaman Abijan, da malamin lakwal, in suka yi magana irin ta tsohuwa, a rediyo ba za a gane wa ke magana ba.

Zeinabu: Aderawa nawa suka shekara ashirin a Abijan harshensu bai motsa ba? Ban yarda ba, Malam.

Musa: Ni tawa matsalar, na gyara wa wani rubutu, ya ji a rediyo ya daina gaishe ni. Rabi, dattijon ya san za ki taɓa nashi?

Rabi: Bai sani ba tukuna. Jibi zan je duba shi, zan tafi da kayen.