Wace kalma za mu sa wa jimla biyun da ake ɗorawa a kan doguwar hirar da aka naɗa?

Habu Kurna: Salamu alaikum. 'Yan uwa masu aikin rubutu, a taimaka. In an naɗi hira ko zaman taro mai tsawo, akan rubuta jimla biyu a sama domin wanda ba shi da lokacin sauraro. A intanet ana sa mata `TL;DR`, wasu kuma su ce samari, kalmar Turanci da in an rubuta ta da Hausa sai ta koma maganar matasa. Me za mu kira ta? Taƙaitawa ta yi min faɗi, don shafi uku ma taƙaitawa ne in hirar ta awa biyu ce.

Malama Binta: Wa alaikumus salam, Malam Habu. Ai muna da tsakure. Shi ake sawa a farkon maƙala a mujallun jami'a, kowane ɗalibin Hausa ya san shi.

Malam Sani: Malama, tsakure ya zauna a maƙala, ban musa ba. Amma a dubi aikatau ɗin: tsakura ita ce a ɗebo ɗan kaɗan daga abu yadda yake. A gidan rediyo in an ce a tsakuro hira, yanko muryar mutum za a yi na daƙiƙa 30 a saka. Abin da Habu ke nema ba ya nan a kowane minti na faifan, mai rubutu ne zai haɗa shi. Bari in kawo misali, don sai an ga aikin sannan suna zai zauna masa.

A ce kwamitin unguwa ya zauna awa ɗaya da minti 40 kan rijiyar burtsatse da ta lalace, shugaban kwamitin ya yi tafiya, sai aka naɗa masa zaman. Minti 12 na farko gaisuwa da addu'a da jiran waɗanda ba su iso ba. Daga nan har minti na 55 ana ta musu kan wanda ya bar injin yana aiki babu ruwa. A minti na 60 wani ya ce a sayi sabo, aka yi ta cewa to, to. A minti na 88 ma'aji ya ce kuɗin asusu naira 180,000 ne, sabon inji kuwa 420,000, sai aka koma kan gyara a 150,000. Batun ko za a ƙara kuɗin jarka aka bar shi sai shugaba ya dawo ranar Asabar.

Wanda bai ƙware ba zai rubuta: "An tattauna kan lalacewar burtsatse da wanda ya jawo ta. An kuma taɓo batun sabon inji da kuɗin ruwa." Babu ƙarya a ciki, amma shugaba bai ƙaru da komai ba, dole ya koma ya saurara. Ga yadda ya kamata: "Kwamiti ya amince a gyara injin burtsatse a kan naira 150,000 daga asusu, ya jingine sayen sabo domin kuɗin ba su kai ba. Ƙarin kuɗin jarka ne ba a yanke ba, ana jiran ra'ayinka a zaman ranar Asabar." Jimlar farko abin da aka tsayar, ta biyu abin da ya rage a wuyan mai karatu. Musun nan da ya cinye minti 43 ko kalma ɗaya bai samu ba, saboda bai canza komai ba. Don haka ni ina ganin gundari ya fi dacewa, gundarin hira.

Ɗanlami: Ni a ganina a ce kwafe kawai. Ba saurarar kaset ake yi a rubuta abin da aka faɗa ba?

Habu Kurna: A'a Ɗanlami, wannan juyar da magana ce zuwa rubutu kalma da kalma, aiki ne daban. Zaman minti 100 in an kwafe shi zai cika shafuka da yawa. Mu abin da ake sawa a samansa muke nema wa suna.

Hajiya Rabi: Ina tare da Malam Sani kan aikin, amma zan ƙara wani abu da ya shafi Hausa ita kanta. Tarkon yana minti na 60 ɗin nan. Wanda ya ji an ce to, to, ya tsayar da faifan ya rubuta "an amince a sayi sabo", ya yi wa shugaba ƙarya ba da niyya ba. A bakinmu "to" sau da yawa na ji ne kawai, "za mu duba" kuwa ko "Allah ya kai mu" na iya zama ƙi cikin ladabi. Shi ya sa ba a rubuta komai a saurare na farko sai lambar minti da kalma biyu uku a gefen takarda. Bayan an kai ƙarshe sai a koma wuraren da aka yi wa alama, musamman rubu'in ƙarshe, inda aka fi warware abin da aka ƙulla da farko.

Sai kuma "an". Tana da sauƙin rubutu, amma tana ɓoye mai aiki. "An ce za a biya" ba ta gaya wa kowa wa zai biya ba, kuma ba ta raba shawarar mutum ɗaya da matsayar taro. In ma'aji ne ya faɗa, a rubuta ma'aji. Kuma kada a yi wayon jera kuma, sannan, bayan haka har jimla ɗaya ta zama sakin layi. In duka biyun sun haura kalma 45 zuwa 50, akwai abin da ya kamata ya fita.

Gundari dai ina da ja a kansa. Ana cewa gundarin littafi ana nufin ainihin jikinsa bayan gabatarwa, wato babban ɓangaren. Mai karatu zai iya zaton cikakkiyar hirar ce ke tafe.

Issoufou Damagaram: Nan wajenmu 'yan boko rezime suke cewa, daga Faransanci. Amma malaman zaure suna da hulasa da muhtasar, waɗanda suka zo daga Larabci. Ba za su yi ba?

Malam Sani: Muhtasar a kunnen almajiri littafi ne guda, Muhtasar na Halil, wanda sai da sharhi ake gane shi. Ba na so a ba abin da aka rubuta wa mai gaggawa sunan da ke tuna wahalar fahimta. Hulasa ta fi kusa, sai dai ba kowa ya san ta ba. Hajiya, gyaranki kan gundari na karɓa. To me za ki ce da "a dunƙule"? Kowa na faɗinta in zai rufe dogon bayani.

Hajiya Rabi: A saman shafi ta yi daidai: A dunƙule, sai jimla biyun su biyo. Matsalar in ana son suna. Edita ba zai ce "rubuto min a dunƙulen" ba. Ko a ce dunƙulen hira? Ni tataccen bayani ya fi kwanta min, don tacewa ce aikin: dusa ta tsaya a rariya, abin sha ya wuce.

Malama Binta: Tatacce yana da kyau, amma bai nuna gajarta ba, Hajiya. Rahoto mai shafi goma ma ana iya cewa tatacce ne. Har yanzu ina ganin tsakure zai iya ɗaukar wannan ma'ana, tunda a jami'a ma ba yanko ake yi ba, rubutawa ake yi.

Habu Kurna: Na gode ƙwarai. A saman shafi zan sa "A dunƙule". Sunan kuwa zan gwada dunƙulen hira da tsakure a kan mutum biyar da ba su ga wannan zance ba, in tambayi kowanne layi nawa yake zaton zai karanta in ya ga kalmar. Malama Binta, in kina da ɗalibai kusa, ki yi musu tambayar ke ma.