Intabiyun gurup: ya zan sa baki ba tare da na katse mutane ba?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, dan Allah shawara. Daga wani ƙauye nake kusa da Ringim, wani banki ya kira ni intabiyu Kano ranar Talata, wai mu takwas za su zaunar su ba mu matsala mu tattauna suna kallo. Ni a gidanmu ba a katse mutum yana magana, in kuma na yi shiru wasu su cinye lokacin. Ya zan yi?

Daga Gumel: Ki riga kowa buɗe baki kawai, ki ce ke za ki riƙe musu lokaci. Wanda aka ji muryarsa shi ake tunawa.

Daga Bichi: Ƙanwata, na taɓa zama cikin masu ba da maki a irin wannan. Riƙe lokaci yana da kyau amma in kin ɗauka toh ki yi shi, kar a ce minti 20 ya ƙare ba ki ce uffan ba, wannan rage miki za a yi. Mu takarda ce a hannunmu, kowa da mutum biyu da yake bi, muna rubuta abin da kika faɗa da abin da kika yi da maganar wani, ba ƙirga yawan surutu muke ba.

Misali a ce an ba ku miliyan 10, ku zaɓa tsakanin rijiyar burtsatse, gyaran aji da maganin asibiti. Wani ya kama aji yana ta zuba. Ki rubuta sunan kowa tun wajen gabatarwa, sai ki jira ya ja numfashi, ki kira sunansa ki ce na ji batun aji, amma takardar da aka ba mu ta ce yara na fashin makaranta saboda ɗebo ruwa, ashe rijiya za ta taimaki ajin ma. Kin ga ba ki katse shi ba, a kan maganarsa kika ɗora, kuma da hujja daga takardar. In akwai wadda ta yi tsit ki ce ba mu ji ta bakinki ba. Saura minti 5 ki ce toh me muka tsayar. Irin wannan sau uku ko huɗu ya wadatar wallahi.

Daga Dambatta: Ni fa sau uku wani ya katse ni a nawa, na bar masa don kar a ce na cika rigima, ban samu ba, ban san ko shi ya samu ba. Har yau abin na ci min rai.

Daga Bichi: Ayya. Na farko ki bari, na biyu ki ce bari in ƙarasa a taƙaice, murya ƙasa, ki ƙarasa a jimla ɗaya. Ba rashin kunya ba ne. Amma gaskiya akwai masu maki da ƙarfin murya ke ruɗa, wannan ba a hannunki yake ba.

Mai tambaya: Na gode Yaya. Toh in gurup suka zaɓi abin da ban yarda da shi ba fa, in bi su?

Daga Bichi: Ki faɗi dalilinki sau ɗaya a fili, in sun tsaya a nasu ki bi, ki taya su tsara yadda za a gabatar.