Ina neman sunan Hausa na “firam namba” da na wurin da ake tsayawa, gobe da safe ake ɗaukar shiri

Malamar Lissafi: Salamu alaikum jama'a. Gobe da ƙarfe tara zan je ɗaukar darasin rediyo na 'yan ƙaramar sakandare, kuma a rediyo babu allo, kunne kawai. Darasin kan yadda ake farfasa lamba ne zuwa ƙananan lambobin da in an ninka su za su mayar da ita, kamar 60 da take 2 sau 2 sau 3 sau 5. Abu uku nake nema: sunan lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, sunan hanyar gwada rabawa ɗaya bayan ɗaya, da sunan wurin da ake daina gwajin. Misalina 1356 ne. Don Allah a taimaka kafin isha'i.

Mai Shagon Kwana: Wa alaikumus salam. Ai muna da ita tun muna yara, cika da mara. Wadda ba ta rabuwa ita ce mara.

Malamar Lissafi: Alhaji, mara ita ce wadda biyu ba ta raba ta. 9 mara ce, amma 3 sau 3 ce. Ita kuwa 2 cika ce, kuma ita ce ta farko a cikin waɗanda nake nufi.

Ɗan Maraɗi: A wajenmu da Faransanci aka koya mana, ma'anar sunan “lamba ta farko”. Larabci ma haka yake cewa, awwali. Ku ɗauki wannan ku huta.

Tsohon Hedimasta: In ka ce wa yaro lamba ta farko, 1 zai kawo maka, ita kuwa 1 ba ta cikinsu. Ni shekara da shekaru “gagarau” nake cewa a aji. Ta gagari rabo, shi ke nan. 2, 3, 5, 7, 11, 13, duk gagarau ne. Hanyar kuma rabon gwaji. Wurin tsayawa ba ya bukatar suna, in kin kai rabin lambar ki tsaya, don babu abin da ya fi rabi da zai raba ta.

Injiniya: Baba, gaskiya ne babu mai raba ta sama da rabi, sai dai tafiyar ta yi nisa ba gaira ba dalili. Mu bi misalin Malama. 1356 a raba da 2, an samu 678. A sake da 2, 339. Biyu ta ƙi, sai 3, an samu 113. A sake gwada 3 tukuna, don lamba ɗaya tana iya fitowa sau da yawa: saura 2, ta ƙi. Biyar ta ƙi. Bakwai sau 16 shi ne 112, saura 1. Kafin a taɓa 11 sai a tambaya, 11 sau 11 nawa? 121, ya wuce 113. Nan ake ajiye alƙalami. 113 gagarau ce, in mun ari kalmar Baba, amsa kuma 2 sau 2 sau 3 sau 113. Da rabi muka bi, sai mun kai 56.

Dalilin shi ne masu raba lamba biyu-biyu suke zuwa. Dubi 36: 2 da 18, 3 da 12, 4 da 9, 6 da 6. Daga nan sai su juyo, 9 da 4, 12 da 3, tsofaffin fuskoki ne suka sauya wuri. Da 113 tana rabuwa, dole ɗaya daga cikin abokan biyu ya kasance ƙasa da 11, domin in duka biyun sun kai 11, ninkinsu ya kai 121 ko fiye. Mun duba ƙasa da 11 ba mu ga kowa ba. Don haka ni “majuya” zan kira wurin.

Ɗan Maraɗi: To ai tushen murabba'i ke nan, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wadda ake farfasawa. Na 1356 ya kusa 37, a gwada har 31 a tsaya.

Injiniya: Za ka samu amsa daidai, amma ka yi aikin banza. Iyakar ba ta lambar farko ba ce, ta abin da ya rage a hannu ce, kuma duk sanda rabo ya ci sai ta sauko. Da muka iso 113 ta faɗo ƙasa da 11.

Mai Kishin Harshe: Ni dai kunnena ya tsaya a murabba'i. Mun gudu daga Turanci mun faɗa Larabci? Kullum sai mun nuna harshenmu ba zai iya ɗaukar ilimi da kansa ba. Abin kunya ne a ce a rediyon Hausa ake wannan.

Tsohon Hedimasta: Yaro, lissafi Larabci ne, lamba Turanci ce, ishirin da talatin ma aro ne. In za ka kore su, sai ka koma cewa hauya ko gomiya biyu, mu ga ko 'yan aji za su bi ka.

Mai Kishin Harshe: Baba, wanda ya riga ya zauna daban, wanda ake shigo da shi yau daban. Kuma gagarau ɗin naka ma kirarin jarumi ne, yara dariya za su yi.

Tsohon Hedimasta: Su yi dariyar, ai ba za su manta ba. Ɗalibaina har yau in mun haɗu a kasuwa suna tuna min.

Ɗan Maraɗi: Ku dai mutanen Kano kuna yanke wa Hausa hukunci kamar ku kaɗai ke da ita. Rediyon nan har wajenmu ake kama irinsa.

Malamar Lissafi: Jama'a, magariba ta yi. Injiniya, ninka 11 da 11 a ka zai yi wa wasu yaran wuya in lambobin sun girma. Babu wata alama mai sauƙi?

Injiniya: Akwai, Malama, kuma ba sai an ambaci murabba'i ba, mai kishi ya kwantar da hankalinsa. A duba amsar rabon kawai. 113 a raba da 7, amsa 16, ta fi 7, a ci gaba. A raba da 11, amsa 10 saura 3. Amsa ta faɗo ƙasa da abin da aka raba da shi, an wuce majuya. Amma ki ja musu kunne kan abu biyu. Na ɗaya, sai ninkin ya wuce ake tsayawa, in ya yi daidai ba a tsayawa: 169 ta ƙi 2, 3, 5, 7, 11, kuma 13 sau 13 daidai 169 ne, wanda ya tsaya a nan zai ce gagarau ce alhali ba ita ba ce. Na biyu, gajiya ba hujja ba ce. 2021 tana ƙin lambobi goma sha uku a jere, daga 2 har 41, sai a ta goma sha huɗu ta buɗe, 43 sau 47.

Tsohon Hedimasta: Ƙara na uku. Rabin ajina sukan rubuta 2, 2, 3 su tashi, su bar 113 a ƙasan takarda kamar ba ta cikin amsar. A sa su ninka a ƙarshe, in bai dawo 1356 ba an yar da wani abu.

Mai Shagon Kwana: Ni abin da ban gane ba, me ya sa aka tsallake 4 da 6 da 9?

Injiniya: Alhaji, in an kwashe duk biyun da ke ciki, 4 da 6 ba su da abin kamawa. Haka 9 bayan an kwashe uku. In an gwada su ba laifi, ɓata lokaci ne kawai.

Malamar Lissafi: Na gode. Rabon gwaji na ɗauka, majuya ma na ɗauka. Gagarau zan faɗe ta gobe tare da “firam” sau ɗaya a farko, saboda ita za su gani a takardar jarrabawa.

Mai Kishin Harshe: Majuya ba laifi. Gagarau kam ban yarda ba, “ƙi-rabo” ta fi.

Tsohon Hedimasta: Ƙi-rabo sai ka ce mai rowa. Malama, jam'in fa? Ni gagarau nake barinta ko guda nawa ne.

Malamar Lissafi: Baba, zan ce “lambobi gagarau”. Na tafi in rubuta.