Lamba tana nuna 58 amma wasa yana cijewa: kati zan saya ko me?

Ɗan Pantami: Assalamu alaikum. Kwamfutata ta tebur ce, katin hoto GTX 1650 mai giga 4, ram giga 8 sanda ɗaya, kuma GTA V yana kan tsohon faifai mai juyawa. Lambar fps tana tsakanin 55 da 60, amma da na ɗauki mota na taka ta a cikin gari sai hoto ya cije kamar ƙiftawar ido, sannan ya ci gaba. Na tara ɗan kuɗi. In sayar da katin in ƙaro babba, ko ba nan ciwon yake ba?

Sarkin Gem: Netiwok ne. Canza layi ka huta.

Ɗan Pantami: Yaya, ko intanet ban kunna ba, ni kaɗai nake bugawa.

Injiniya Bolari: Wa alaikumus salam. Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Lambar nan ƙidaya ce kawai ta hotuna nawa suka fita a daƙiƙa ɗaya, ba ta gaya maka tazarar da ke tsakaninsu. A ce hotuna 59 sun fita kowanne a milisakan 15, ka ga 885 ke nan, sai guda ɗaya ya tsaya ya cinye 115. Jimla 1000, daƙiƙa ɗaya cif, lamba za ta rubuta 60 hankalinta kwance. Amma idonka ya ga wancan ɗayan, don ya daɗe kusan ninki takwas na 'yan uwansa.

Saka MSI Afterburner tare da RivaTuner. Shiga Settings, sai Monitoring, ka yi wa Frametime alama, ka kunna Show in On-Screen Display, ka mayar da shi graph maimakon text. Haɗa da GPU usage da RAM usage. Za ka ga layi yana tafiya a kusurwar allo. Lissafinsa 1000 raba da fps ne: 60 shi ne 16.7, 40 shi ne 25, 30 kuma 33.3.

Idan layin a kwance yake sumul, ko da a 33 ne, ba cijewa kake da ita ba, galibi ƙarfin kati ne ya kai iyakarsa. Wasa zai yi nauyi amma nauyi iri ɗaya, kuma nan ne sabon kati ko rage kyawun hoto ke magani. Idan kuwa layin yana ƙasa a 17 amma jefi-jefi yana harba ƙaya sama, wani abu ne ke tare hanya, kuma sau da yawa ba kati ba ne.

Baban Ummi: Duk wannan dogon turanci ne. Duba 1% low kawai, wato fps na kashi ɗaya cikin ɗari na hotunan da suka fi jinkiri, in ya kai rabin matsakaici lafiya lau.

Injiniya Bolari: Malam, da gaskiyarka amma ba duka ba. A minti ɗaya kan 60 hotuna 3600 ne, kashi ɗaya cikin ɗari kuwa 36. In ƙayoyi biyar kacal ke cikin mintin, za su iya ɓuya a lissafin, balle manhajojin ba hanya ɗaya suke ƙirga shi ba. Kuma lamba ba za ta gaya maka a wane lungu abin ya faru ba. Layi zai gaya maka.

Mai Shayin Tunfure: Ni layin da na sani na gidan mai ne, shi ma ƙaya gare shi.

Ɗan Pantami: Na gwada, Injiniya. Layi yana 17 zuwa 18. In ina tafiya a ƙafa shiru. Da na ɗauki mota sai ya harba 90, wani lokacin 120, kuma daidai nan GPU usage yakan faɗo daga 95 zuwa wajen 40. Ram yana 7.4.

Injiniya Bolari: To ka wanke katinka daga zargi. Katin da ya gaza manne wa 97 ko 99 yake yi. Naka zaune yake yana jiran a miƙo masa aiki. Gudu a mota yana sa wasan ya riƙa jawo gine-gine da tituna daga faifai, ram kuma ya kusa cika, sai Windows ta koma ajiye rarar a kan wannan faifan mai jan ƙafa. Buɗe Task Manager ka ga ko Disk yana taɓa 100% lokacin ƙayar. Sannan rufe burauza da duk abin da ke baya, ka bi titi ɗaya sau biyu. In ƙayoyin sun ragu sosai bayan rufewar, ram ne kan gaba. In suna nan daram duk da ram ya sami sarari, faifai ne.

Auwalun Wunti: Wallahi da na ga wannan bara da ban yi asara ba. Irin ƙayar nan na gani, wani mai shago ya rantse min kati ne. Na sayar da nawa, na cika kuɗi na karɓi na hannu. Layi ya sauko daga 20 zuwa 12, amma ƙayoyin ko gezau, har sun fi ciwo, don daga 12 zuwa 100 ya fi zafi a ido. Bayan sati uku sabon salo ya ɓullo: minti goma na farko lafiya, daga nan layin gaba ɗaya ya hau bene ya zauna a 22. Na buɗe kati, man da ke kan cif ya bushe kamar ƙanzo, fanka ɗaya ba ta juyawa. Na mayar, ya ce kaya in sun fita sun fita.

Hajiya Kod: Allah ya mayar da alheri. Wannan hawa benen zafi ne, kati yana rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. A watan Afrilu a Gombe ko lafiyayyen kati yana yi in ƙura ta toshe shi. Akwai kuma siffar da ba a ambata ba. In V-Sync yana kunne a allo mai 60Hz kuma kati bai kai ba, layi yakan zama haƙoran zarto tsakanin 16.7 da 33.3. Hotuna 30 gajeru da 15 dogaye su ba ka 45 a lamba, amma ido ya fi jin daɗin 30 tsayayye. A nan sai a sa Framerate limit a 30 cikin RivaTuner.

Baban Ummi: 30 kuma? A mayar da mu zamanin da? Ɗan Pantami, sayi SSD giga 512, dubu 35 ne.

Auwalun Wunti: A ina? A Bauchi dubu 50 aka ce min.

Sarkin Gem: Na dubu 28 ma akwai.

Hajiya Kod: Akwai, amma irin marar sunan nan in ya cika yakan yi nasa cijewar. Ni ram zan fara ƙarawa. Sanda ta biyu mai giga 8, gudu ɗaya da ta farko, ta ba shi 16 da hanya biyu.

Baban Ummi: Hajiya ai rubuta manhaja kika sani. A bar masu buɗe inji su yi magana.

Hajiya Kod: Wanda ya ce a duba lamba ɗaya a kwanta ne zai tantance masu magana?

Ɗan Pantami: Disk yana kai 100%, na gani. Na rufe burauza zan bi titin karo na biyu aka ɗauke wuta.

Mai Shayin Tunfure: Wannan ƙayar babu manhajar da ke auna ta.

Auwalun Wunti: Ka ga wata matsalar. Yawancin shagunan kati ba za su tada janareto su bar ka ka gwada na minti ashirin ba, alhali zafi ba ya nuna kansa a minti biyu. Su kunna, hoto ya fito, su ce ka gani ai, kawo kuɗi. Akwai wanda ya san mai yarda a gwada, ko da ni zan sayi man janareton?