Na yarda da sharhi takwas, ɗaya ne ya tsaya mini a wuya

Rukayya (Aboabo): Salamu alaikum. Mujalla ta dawo da takardata a kan kwana a gidan sauro a zangon Kumasi, an ce in yi gyara mai yawa cikin wata guda. Gidaje 280 na zagaya a Aboabo da Asawase tsakanin Mayu da Yuni. Masu bita biyu ne, sharhi tara. Takwas na gyara, amma mai bita na biyu ya ce in koma in sake tambaya a hunturu in haɗa. Yaya zan ƙi ba tare da na ɓata masa rai ba?

Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Ki yi masa abin da ya ce kawai. Mai bita ba a ja da shi, shi ke riƙe da wuƙa da nama.

Dakta Habibu: Ɗanjuma, wuƙar tana hannun edita, mai bita shawara yake ba shi. Kuma hunturu sai Disamba, a ina za ta samo shi cikin wata guda?

Ƙanwata, kafin ki rubuta komai, duba abin da ya sa ya nemi hakan. Ina zargin takenki da kammalawarki suna magana kamar sakamakon na duk shekara ne. In haka ne, mutumin yana da rabin gaskiya. Wanda sauro ya hana barci a Yuni zai ɗaura gidan sauro, a watan Maris kuwa da zafi ya tsananta zai iya naɗe shi ya ajiye. Cutar da ya gano gaskiya ce, maganin da ya rubuta ne ba ki karɓa ba. Sai ki kawo naki: ki ƙara "a lokacin damina" a take, ki sassauta kammalawa, ki sa sakin layi a sashen iyakokin bincike.

Ga ruhin amsar, ki zuba ta cikin Turancinki: "Mun gode da wannan lura. Mun yarda cewa yanayi na iya sauya amfani da gidan sauro, kuma rubutunmu na farko bai fito da hakan ba. Sai dai an tsara binciken ne a kan zagaye ɗaya a babbar damina, kuma izinin kwamitin ɗa'a a kan haka ya tsaya. Zagaye na biyu zai amsa wata tambaya ce dabam. Saboda haka ba mu ƙara bayanai ba, amma mun gyara take, mun taƙaita kammalawa, shafi na 14 layi na 6, mun kuma ba da shawarar a yi binciken hunturu nan gaba."

Kada ki ce ba kuɗi ko ba lokaci, ko da gaskiya ne. Edita zai ji kamar aikin ya kamata a yi, ke ce kika gaza.

Rukayya: Wallahi Dakta ka gano ni, taken bai ambaci damina ba ko kaɗan. To in tura wannan can ƙarshen wasiƙar, bayan ya ga takwas ɗin da na amince?

Dakta Habibu: A'a, bar shi a gurbinsa. Kwafo kowane sharhi yadda aka rubuta shi, da lambarsa, amsarki a ƙasa. Wanda ya ga an ɓoye nasa a ƙarshe zai san da gangan ne. A buɗewar wasiƙar ma ki faɗa wa edita a jimla ɗaya cewa akwai sharhi guda da kika bi ta wata hanya.

Hajiya Zainabu (Nima, Ankara): Ni takwas ɗin nake ji miki tsoro. Na taɓa rubuta "an gyara" a ƙarƙashin sharhi biyar ban nuna wuri ba, ashe ɗaya na manta teburin da ya kamata in sauya. Aka dawo mini da ita, wata uku ya tafi. Ki liƙa sabuwar jimlar a cikin wasiƙar, da shafi da layi. Ki tura kwafi biyu, mai `Track Changes` da tsaftatacce, ki faɗi wanne lambobin layin suke nufi, don ba sa zama daidai.

Musa Tela: Allah ya ba ki haƙuri, tunda sun ƙi ki tura wa wata mujalla yau ɗin nan.

Hajiya Zainabu: Ba su ƙi ba, Malam Musa, gyara suka nema. Kuma ba a kai takarda ɗaya mujallu biyu a lokaci guda, sai ta janye daga ta farko.

Ɗanjuma: To in mai bitar ya kafe sai an yi binciken hunturun fa? Ni da zan rubuta wa edita a gefe tun yanzu.

Dakta Habibu: Ni ba zan yi ba sai ya kafe ɗin. Wasu editocin suna son a sanar da su, wasu suna ganin zagaye ne. Rukayya, nuna wa sufabaizanki da duk wanda sunansa ke kan takardar kafin ki tura.

Rukayya: Na gode ƙwarai. Sufabaizan ya yi tafiya Tamale, sai Litinin zan same shi. Bari in fara da taken.