Ɓawon dankalin Hausa: a ci ko a fere?

A wata tattaunawa da aka yi, tambayar da ta taso ita ce ko ɓawon dankalin Hausa yana ciyuwa, kuma kusan kowa ya ce e. Waɗanda suka saba gasa shi a garwashi ma sun yi mamakin tambayar.

Wata malamar jinya ta yi bayani mai gamsarwa. Ta ce a ɓawon ne harza ta fi taruwa, wato abin da ke taimaka wa hanji ya hana cushewar ciki. Amma sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A a tsokar yake, musamman ta mai launin lemo, don haka wanda ya fere bai yi asararsa ba.

Inda aka fi daɗewa shi ne wajen tsabta, kuma a ganina nan maganar take. Dankali daga ƙasa yake fitowa, sai a jiƙa shi kaɗan, a goge da soso har ruwan ya daina yin laka, sannan a dafa ya nuna sosai.

Wani manomi ya yi gargaɗi kan wanda ƙwaro ya huda. Za a ga ƙananan ramuka a ɓawon, in an yanka a tarar da baƙin zane a ciki, ga ɗaci. Irin wannan, da wanda ya yi funfuna ko baƙin tabo, zubarwa ake yi, domin dahuwa ba ta kashe gubar da ke ciki. Ko dabbobi kada a ba su.

Jariri mai koyon cin abinci kuwa, a fere masa, don ɓawon na iya maƙale masa a wuya.