Hawayen dariya a saƙon rasuwa: wa ya taɓa ganin irin wannan?

Maman Biyu: Jama'a, gwaggona da aminiyarta ta tun ƙuruciya sun daina magana. Ƙanin aminiyar ya rasu, ta sa sanarwa a guruf ɗinsu na Islamiyya a WhatsApp. Gwaggo ta tura 😂 har uku a jere, ita a ganinta kuka ne, tunda ga hawaye nan. Matar ta kira ta, ta ce, "Hajiya, mutuwar ɗan'uwana ce abin dariya?" ta kashe waya. Gwaggo kuma ta yi fushi, wai an yi mata ƙazafi. Ta je gaisuwar uku, ko kallonta matar ba ta yi ba. Wa ya taɓa gani, kuma yaya aka shirya?

Ɗan Fagge: A shagona na gyaran waya na sha gani. Ki nuna musu baki, ba ido ba. 😂 bakinsa a washe yake, haƙora waje, hawaye biyu suna fita ta gefe. 😭 hawayensa suna zubowa tsaye bisa kumatu kamar indararo, 😢 kuma ɗigo ɗaya ne da baki a turɓune. A ƙaramin allo, ga wanda ba ya sa tabarau, shuɗin hawayen kawai ake gani. Wani lokacin ma yatsa ne. Tun 2022 in ka danne saƙo, guda shida ke fitowa: 👍 ❤️ 😂 😮 😢 🙏. Fuska ɗaya ce tsakanin dariya da kuka. Ana iya cirewa in an taɓa shi, amma sanarwa ta riga ta isa wayar mai saƙon.

Malama Damagaram: Ni kam 🙏 nake sawa in huta, kowa ya san addu'a ce.

Ɗan Fagge: Ba kowa ba, Malama. Wasu godiya suke karantawa, wasu roƙo. Tafin addu'a irin namu 🤲 ne.

Auta: Mu fa a makaranta 😭 dariya ce. Abokina ya turo hoton askin da aka ɓata masa, na sa 😭, babansa da ke guruf ɗin ya kira hankali tashe yana tambayar wa ya mutu.

Baban Khalifa: Ni sitika ce damuwata, ta cika mini waya. Yaya ake gogewa?

Yaya Babba: Maman Biyu, kada ki tura bayani a rubuce. Ki ɗauki wayar gwaggo ki je gidan aminiyar, ki nuna mata tsofaffin saƙonni. In gwaggo ta saba sa 😂 a kowace rasuwa, hujja ta fito.

Maman Biyu: Na duba, Yaya. Ta sa shi a rasuwar limaminsu ma, babu wanda ya tanka. Matsalar yanzu gwaggo ce: ta ce sai an fara ba ta haƙurin kashe mata waya.